Lambar da Ba Ta Kama Ba

A bazarar shekarar 1952 aka ɗauki Zarami aikin lamba a Nguru. Lamba ita ce rigakafin agana, cutar nan mai fesowa da ƙuraje a duk jiki, wadda takan kashe mutum ɗaya cikin uku ko huɗu, ta bar sauran da zanzana a fuska, wasu kuma ta tafi da idanunsu. Mata ba sa son kiran sunanta, sai su ce 'yar rani.

Wanda ya koya masa aikin shi ne Malam Yuguda, tsohon malamin asibiti, Bafillace mai ɗingishi da yawan tsokana. Kwana uku kawai suka yi tare, domin an ce cutar ta ɓulla a gabas. Yuguda ya nuna masa yadda ake gasa tsinken ƙarfe a wuta a bar shi ya huce, yadda ake ɗiga magani a damtse a karce fata sama-sama ba tare da jini ya zubo ba, da yadda ake tsare yaro a inuwa har wurin ya bushe. Maganin yakan zo ta jirgin ƙasa daga Kano cikin 'yan kwalabe sirara. A Nguru yana zama cikin firji mai kananzir, amma a hanya sai a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

"Kada tsumman nan ya bushe," in ji Yuguda. "Rana ta takwas kuma ka koma ka duba ko ta kama. Ka ji, Babarbare, ko sai na faɗa da yaren kifi?"

"Na ji, Baba. Ai ko saniya aka maimaita wa sau uku ta gane."

Kafin ya tafi, Yuguda ya yi masa lamba a damtsen hagu, kusa da wani tsohon tabo da aka yi masa tun yana goye. Wurin ya yi ɗan ja, ya yi ƙaiƙayi kwana biyu, ya lafa. Zarami ya riƙe wannan a ransa. Ya sha ganin yaran da wani mai lamba, Sabitu, ya yi wa a Gashua, hannu a kumbure, ƙurji cike da ruwa, jiki da zafi. Sai ya ɗauka bambancin gwani da ɗan koyo ke nan: na gwani ba ya ciwo.

Motar da ya shiga zuwa Gashua ta mutu bayan an wuce Jajimaji. Kwana biyu suka yi a cikin rairayi ana jiran wani ƙarfe daga Nguru. Akwatinsa na kwano, wanda maganin ke ciki, yana can sama, ɗaure a ƙarƙashin buhunan gishiri. Da ya samu ya sauko da shi, murfin ba ya taɓuwa don zafi, tsumman kuwa ya bushe ƙayau. Ruwan gorarsa ya yi saura kaɗan. Yana shirin zubawa a kan tsumman, sai ya ga wata mai shayarwa a gindin ƙaya, leɓenta ya tsage, jaririn yana tsotso babu abin da ke fita. Ya buɗe kwalba ɗaya ya duba. Maganin yana nan yadda yake, bai canja launi ba, ba ya wari. Ya miƙa wa matar gorar.

A Gashua ya sauka gidan yayarsa Mairam, a unguwar masunta kusa da kogi. Mijinta yana can wajen Dagona tare da masu kamun kifi, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Mairam ta yi agana tun tana ƙarama, fuskarta duk zanzana. 'Ya'ya uku ta binne, kowanne da ciwonsa, ɗaya ta rage mata, Gumsu, 'yar shekara huɗu mai gajeren kitso da surutu.

"Bara da Sabitu ya zo, cikin rumbu na sa ta," in ji Mairam. "Mutumin nan yanka yake yi, ba lamba ba. Na ce a'a, sai ƙanena ya fara aiki."

"Ya Mairam, da an kama ki fa?"

"Wa zai leƙa rumbun gero? Kai dai yi mata a hankali."

Gumsu ce ta farko da ya yi wa. Ta runtse ido ɗaya, ta bar ɗaya tana kallon tsinken.

"Kawu, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Kaza ma ta fi ka zafi."

Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa. Ƙanen Mairam hannunsa da sanyi, babu kumburi, babu zazzaɓi, babu kaluluwa. Matan da suka saba ɓoye yara a bayan randa da cikin kwale-kwale suka riƙa kawo su da kansu. Rana ta takwas ya bi gida-gida kamar yadda aka umarce shi. Kowane damtse ya warke sumul, sai ɗan zane kamar na ƙaya. Ya ce a ransa ta kama ke nan, ta kama lafiya. Daga nan ya zaga ƙauyukan bakin ruwa, ya ƙarar da kwalabensa, ya koma Nguru bayan mako uku da ƙullin busasshiyar tarwaɗa da wata tsohuwa ta ba shi.

Da hantsi ya iske Yuguda a barandar ɗakin magani yana goge fitilar firji.

"Bawana ya dawo. Ina tsarabata?"

"Ga kifi, in Fulani sun iya cire ƙaya. Baba, na yi aiki irin naka. Ko ɗaya bai kumbura ba."

Yuguda ya ajiye tsumman hannunsa.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Har 'yar yayata."

"An taɓa yi musu a da?"

"A'a, yawancinsu ɓoye su ake yi."

"Zauna, Zarami."

Tunda suka san juna bai taɓa kiransa da sunansa ba. Zarami ya zauna a kan benci. Yuguda ya tambaye shi hanya, ya gaya masa komai, motar da akwatin da matar.

"Laifina ne da na koya maka yadda ake yi ban gaya maka dalili ba. Ubanka masaƙin koma ne, ko?"

"E."

"Komar da aka saƙa don ragon ruwa za ta kama 'yan ƙananan kifi?"

"Za su bi ta ido su wuce. Kowane kifi da girman idon da ke riƙe shi."

"To haka jiki yake. Agana wata halitta ce ƙarama ƙwarai, ko madubin likita ba ya nuna ta. In ta shiga mutum sai ta kutsa cikin ƙwayoyin namansa ta yi ta hayayyafa. A cikin jini kuma akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu tsaro. Wasu suna haɗiye duk baƙon da suka tarar, wasu suna kashe ƙwayar naman da cuta ta shiga. Wasu kuma masaƙa ne. Su suke ƙera wani abu da ke yawo a jini, wanda ya dace da siffar cutar daidai, ya manne mata ya hana ta shiga ko'ina. Amma kowace cuta da siffarta. Abin da aka saƙa don ƙyanda ba ya riƙe agana. In jiki bai taɓa ganin cuta ba, sai ya fara ɗaukar awo, masaƙan da suka dace su yawaita, sannan a fara saƙa. Wannan yana cin kwanaki. Ita kuwa agana ba ta jira. Kafin koma ta gamu ta cika kogi."

"Yayata ta yi, ta tashi."

"Nata masaƙan sun ci tseren da ƙyar, ga shaida a fuskarta. Ka taɓa jin ta sake yi?"

"Ita ake kira ta yi jinyar masu ita."

"Saboda jiki ba ya manta awon. Bayan an gama faɗa, ana barin wasu da suka san siffar, suna nan shekara da shekaru. Ranar da ta dawo, ba a fara koyo daga farko, nan da nan ake tare ta, mutum bai ma san an zo ba. Lamba dabara ce ta samun wannan sanin ba tare da an biya da fuska ko da rai ba. Abin da ke cikin kwalbar nan ba agana ba ce, 'yar'uwarta ce marar ƙarfi, irin wadda aka fara ganowa a hantsar shanu. Siffarsu kusan ɗaya. Muna sa ta a fata, ta hayayyafa a wuri ɗaya, jiki ya taso mata ya ɗauki awo. Komar da aka saƙa mata tana riƙe agana."

Zarami ya ce, "To kumburin fa?"

"Shi ne aikin. Kwana uku ko huɗu ɗan ƙurji ya fito, kafin mako ya tara ruwa, rana ta takwas ya cika da ɗan rami a tsakiya. Zazzaɓin jiki ne ya tashi tsaye. Kaluluwar hammata nan ne zauren masaƙan, cika ya yi da aiki. Wajen mako uku ɓawo ya faɗi ya bar tabo. Yaron da ba a taɓa yi wa ba, in bai yi wannan ba, ba abin da jikinsa ya koya."

"Amma nawa bai kumbura ba. Kai ka yi mini."

"Kai an yi maka a da, ga tabon. Jikinka ya gane ta tun daga bakin ƙofa ya kashe ta. Ba gwanintata ba ce." Ya nisa. "Akwai rigakafin da ake yi da matacciyar ƙwaya, a ɗura da yawa ta allura, jiki ya ɗauki awo a kan gawar. Lamba ba haka take ba. Ɗan abin da ke shiga ta karce bai isa komai ba sai yana da rai ya yawaita. Zafi kuwa yana kashe shi, ba tare da ya canja launi ba."

Wani jirgi ya yi kuka daga tasha. Zarami ya tuna damtsen Gumsu, sumul, da yadda ya shafa shi yana murna.

"Sun ɗauka suna da kariya," ya ce.

"Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wanda ya san ba shi da ita yana gudu."

Yuguda ya buɗe firji ya fito da sababbin kwalabe. Ya naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma, ya sa cikin ƙaramin tulu da jiƙaƙƙen yashi, ya haɗa masa da salkar ruwa dabam.

"In wani ya riga ya shiga wurin mai ciwo, tambayi kwana nawa. Agana takan ɓuya kamar kwana goma sha biyu kafin zazzaɓi. Lamba ta fi ta saurin tayar da jiki. In bai wuce kwana uku ko huɗu ba, tana iya riga ta, ko ta rage mata ƙarfi. In ya wuce haka da yawa, ka yi dai, amma kada ka yi wa kowa alkawari."

Zarami ya samu motar azahar. Tulun yana kan cinyarsa duk hanya, ya rufe shi da rigarsa, yana yayyafa ruwa. A Gashua ya tarar an kafa bukkokin zana a bayan gari, inda ake kai masu ciwo. Ya wuce kai tsaye unguwar masunta.

Gumsu tana tsakar gida tana jera ƙwansar kogi. Ta taso da gudu ta riƙe masa ƙafa. Ya taɓa goshinta, sanyi ƙalau. Ya ji kamar an sauke masa kaya.

"Lafiya da dawowa haka?" in ji Mairam daga bakin murhu.

"Zan sake mata lamba. Ya Mairam, ciwon ya shigo unguwar nan?"

"Ya shigo. Kakarta ta wajen uba ya ɗauka, Allah ya jiƙanta, shekaranjiya aka kai ta makwancinta. Ni na yi jinyarta a ɗaki, ba mu bari an kai ta bukka ba."

"Gumsu fa, wa kika bar wa?"

"Wa zan bar wa? Tare muke zuwa. Tsohuwar ba ta shan kunu sai daga hannunta. Da can ko ƙofar gidan mai 'yar rani ba na bari ta bi, amma yanzu ai tana da lambarka."

"Tun yaushe?"

Mairam ta ƙirga da yatsu. "Yau kwana goma da ƙurajen suka fito muka fara zuwa."

Ya zauna a kan turmi. Ya gasa tsinke, ya jira ya huce, ya kama damtsen yarinyar.

"Kawu, wannan ma ba zafi?"

"Wannan zai yi ciwo, Gumsu."

Mairam ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa. Ya buɗe baki zai faɗa mata, sai ya ga in ya faɗa yanzu, kwanakin da suka rage za ta yi su ne da sanin abin da ke tafe. In kuma ya yi shiru, sauran matan unguwa za su ci gaba da shiga gidajen ciwo da yaransu. Ya tashi ya ɗauki tulunsa.

"Ta farko ba ta kama ba," ya ce. "Maganin ya mutu a hanya. Duk wanda na yi wa, kamar ban yi ba. Zan bi in gaya musu."

Ta ajiye ludayin, ta ɗauki Gumsu, babbar yarinya, ta goya ta.

Ya bi gida-gida yana faɗar abu ɗaya. Wasu suka zage shi, wani tsoho ya ce masa ashe da ruwan banza ya zo. Wasu suka ce ba za a karce musu yara sau biyu ba. Da yawa dai suka miƙa, domin kukan da ke tashi daga bayan gari kowa yana ji.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya kama Gumsu, da ciwon baya da amai. Mairam ta ce ko na lambar ne. Zarami ya duba damtsen, babu komai tukuna, ya san zazzaɓin lamba ba ya zuwa da wuri haka. Rana ta uku jajayen ɗigo suka fito mata a baki da goshi, suka gangara hannuwa, har tafin hannu da na ƙafa. A damtsen hagu kuma, a daidai inda ya karce, wani ɗan ƙurji na dabam ya fara tasowa. Lambar ta kama. Ya daɗe yana kallonsa a tsakiyar sauran.

Aka kai su bukka a bayan gari. Da shi da Mairam suka yi jinya, su biyun da cutar ba ta iya taɓawa. Suna ɗiga mata ruwa da cokali, suna kore ƙuda da mafici. Ƙurajen fuskarta suka haɗe har ba a gane ido. Wata safiya ta tambayi ko an kwashe mata ƙwansarta kada kaji su watsa. Mairam ta ce an kwashe. Rana ta goma sha ɗaya da fitowar ƙurajen, ana kiran sallar la'asar daga cikin gari, ta cika.

Ba a yi zaman makoki sosai ba, saboda an hana taro. Zarami ya ci gaba da zagayen duba hannuwa, wanda ya jinkirta saboda jinya. A gidan farko ya tarar da wata yarinya tsarar Gumsu da ɓawo baƙi a damtse, kewayensa ja, uwar tana mita cewa kwana uku yarinyar ta yi da zazzaɓi, hammata ta kumbura.

"Madalla," ya ce. "Kada ki sa toka, kada ki ɓamɓare. Shi zai faɗi da kansa."

Uwar ta dube shi kamar ya zautu. Ya tsuguna ya yi mata bayanin koma da masaƙa, a hankali, har sai da ta maimaita masa. Haka ya yi a kowane gida. Cikin waɗanda ya sake yi wa kafin su kusanci mai ciwo, babu wanda ya rasu. Cikin waɗanda suka riga suka shiga gidan ciwo, bayan Gumsu, an rasa biyu.

Yana tafe yana juya abin. Da ya hana matar nan ruwa, da maganin ya tsira? Yuguda ya ce masa a Nguru mai yiwuwa ya riga ya mutu tun a saman mota. Wannan bai dame shi kamar ɗayan ba. Da idonsa ya ga damtsen da bai kumbura ba, a lokacin da tsohuwar ba ta ko kwanta ba, kuma ya ji daɗi don ana yabonsa. Bai tambayi kowa ba. Sabitu yana gari ɗaya da shi a wancan makon, bai je ya tambaye shi ba.

Ranar da zai koma Nguru ya iske Mairam a tsakar gida tana gyaran komar mijinta, wanda har yanzu saƙo bai same shi ba. Ƙwansar tana cikin ƙoƙo a gefenta.

"Zarami."

"Na'am, Ya Mairam."

"Da na bar Sabitu ya yi mata bara, da tana nan?"

Ya so ya ce rai a hannun Allah yake ya tsaya nan, kuma gaskiya ne. Amma ba abin da ta tambaya ba ke nan.

"Rai na Allah ne," ya ce. "Amma da hannunta ya kumbura bara, da agana ba ta kama ta ba. Da kuma na san aikina, da na gane tun rana ta takwas."

Ta ci gaba da ɗaure zaren, ta kuskure ido ɗaya, ta kwance.

"Kwana uku na zazzaɓi na guje mata," ta ce.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Gidan da ke bayan masallaci akwai tagwaye, an sa su cikin rumbu jiya da aka ji tahowarka. Ni ba za su ɓoye mini ba." Ta ajiye komar, ta jawo mayafi. "Akwai saura a tulun?"

"Akwai kwalba biyu."

"Jiƙa tsumman tukuna."

Ya zuba ruwa daga salka har yashin ya yi duhu, ya ɗauki tulun ya bi bayanta.